Jidda da Takardun Ɗan Alhaji Nomau

Ranar Alhamis ɗin, wadda ita ce ta ƙarshe da Jidda ta yi cikin ƙoshin lafiya, ta fara kamar kowace rana a gidan Malam Abdulwahid da ke unguwar Adjamé a Abidjan. Ta yi sallar asuba, ta ɗora ruwan shayi, ta goge rigar aikinta a kan teburin cin abinci, duk da mahaifiyarta Zalihatu ta sha hana ta. Shekararta talatin da ɗaya. Ita ce 'yar fari, saboda haka mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba. Ya yi jami'a, ya koyar da lissafi a sakandare har ya yi ritaya, amma wannan al'ada ta gidansu bai sake ta ba. Tana ƙarama "ke yarinya" yake ce mata. Da ta kama aiki sai ya koma "Madam Buro", wato uwargidan ofis.

"Madam Buro, yau fuskar nan ta faɗa ce," in ji shi, yana yanka burodi.

"Papa, ba faɗa ba ne. Gyara ne."

"Haka kika ce ranar da kika gyara wa liman lissafin gado."

"Kuma na yi daidai."

"Ban ce ba ki yi ba."

A Abidjan aka haife ta, kuma Faransancinta ya fi Hausarta gudu. In ta yi fushi Hausar takan ƙare mata a tsakiyar magana, ta ƙarasa da Faransanci, ta rufe da kalma ɗaya ta harshen Jula. Ta karanci sha'anin ma'aikata a jami'a. Bayan ta gama ta daɗe tana yawo da takardu, ko'ina ana tambayarta gogewar da ba wanda ya yarda ya ba ta damar samu. Ba ta cika ba da labarin wannan lokaci ba. Daga baya ta samu aiki a wani kamfani a Treichville, wanda yake sayen kayan gwari, ya ajiye a ɗakunan sanyi, ya kai wa otal-otal da manyan kantuna. Ita ke tace takardun masu neman aiki kafin su kai gaban shugabanta, Misiye Kouamé.

Da gari ya waye ta shiga woro-woro, motar hayar da ake cika ta mutum huɗu. A mahaɗar Indénié suka tsaya cak, kamar kullum. Jidda ba ta kula da masu tallar da ke ƙwanƙwasa gilashi ba, hankalinta yana kan abin da ya faru jiya.

Kamfanin yana neman shugaban masu lodi. Tallar aikin ta ce ana son mai takardar diflomar BTS a fannin jigilar kaya, da "aƙalla shekara biyu na gogewa wajen jagorantar ma'aikata da sarrafa kayan da ke saurin lalacewa". Cikin waɗanda Jidda ta tace har da wani Bilal Nomau. Yana da takardar. Bai taɓa yin aikin albashi a fannin ba, da rana kuɗin waya yake turawa a wata 'yar rumfa. Amma ya rubuta cewa shekara biyar ke nan yana jagorantar aikin sa kai na ƙungiyar 'yan Nijar mazauna Adjamé: tattara kayan miyar da suka kwana a Kasuwar Guro kafin su ruɓe, a tantance, a loda a amalanke, a raba wa matan da ke dafa wa matafiyan da suka maƙale a tashar Adjamé da masu jinyar da ba su da kowa a gari. A gaban wannan ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a biyansa. Wanda ya ba da sunansa a tambaya a kansa shi ne shugaban ƙungiyar, Alhaji Nomau, dillalin albasa, wanda kuma shi ne mahaifinsa.

Jiya da yamma Misiye Kouamé ya kira lambar da kansa. Bayan minti kaɗan ya ja layi a kan sunan Bilal. In ba a goge layin nan ba kafin Litinin, ranar da za a kira mutane ganawa, Bilal ya fita. Kuma ba fita kawai ba: a gefen sunan an rubuta "bayanin ƙarya", kalmar da kan bi mutum, don masu ɗaukar ma'aikata a wannan sana'a sun san juna, suna kuma tambayar juna.

Da hantsi ta ƙwanƙwasa ƙofar Misiye Kouamé. Mutum ne mai furfura, mai son tsari, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki ba a taɓa kama shi da cin hanci ba. Da Faransanci suka yi maganar.

"Patron, me tsohon ya ce maka?"

"Na tambaye shi ko ɗansa Bilal yana jagorantar aikin. Ya ce, 'Wannan yaron? Yana dai zuwa cikin yara.' Na ce shi ke ba da umarni? Ya ce, 'Me ya sani? Allah ne ke yi.' Ko sunansa bai ambata ba. Uban da ya haife shi, Madmazel! In uba ya ce ɗansa bai yi ba, ni wane ne?"

"Ɗan fari ne."

"To?"

"A wurinmu dattijo ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kuma yabonsa a gaban mutane. Kunya ce. Ga shi kuma aikin Allah ne, yana ganin in ya kuranta shi ladar za ta zube. Da ya ce maka yaron gwani ne, da ni ce zan fara zargi."

Misiye Kouamé ya cire tabarau ya dube ta. "Wato in ya yabe shi ƙarya ne, in ya kushe shi gaskiya ce ta yabo. Da wannan dokar kowa ya ci jarrabawa." Ya nuna takardun. "Kuma ko mu bar tsohon. Aikin sa kai ba aiki ba ne. Mai albashi yana da shugaba, in tumatir ya lalace a hannunsa a tuhume shi, in ya makara a kore shi. Yana da takardar shaidar aiki, yana da lambar CNPS ta asusun fanshon ma'aikata, in na so in bincika. Mai sa kai fa? Ran da ya gaji ya kwanta, ba mai tambayarsa. Akwai mutane a nan da suka yi shekara uku suna shan zagi a wurin lodi. In sa su layi ɗaya da mai rabon sadaka?"

Jidda ta san ba maganar banza yake ba. Ta jawo tallar ta ajiye a gabansa.

"Mu muka rubuta wannan. Mun ce gogewa, ba mu ce aikin albashi ba, ba mu kuma nemi takardar shaidar aiki a cikin abin da za a haɗo ba. Da lasisin tuƙi muka nema, ko shekara ashirin ya yi yana tura amalanke ba zan zo nan ba. Abin da muke so mu sani shi ne: ya taɓa riƙe mutane? Ya san kayan da za su kai gobe da waɗanda ba za su kai azahar ba? Wannan ana iya bincikawa."

"Ɗan unguwarku ne."

"Eh. Na san shi da gani, iyayenmu suna sallah a masallaci ɗaya. Shi ya sa ba zan ba shi maki ba, ba kuma zan zauna a ganawarsa ba. Rubuta hakan. Kuma ba shi kaɗai nake roƙa wa ba. In za mu ƙirga nasa, sai mu koma kan duk waɗanda na cire saboda rashin gogewa, mu yi wa kowa tambaya iri ɗaya. Wataƙila wasu sun yi irin wannan aikin ba su rubuta ba, don sun ɗauka ba ma so."

"Wace tambaya?"

"Tsawon lokacin da ya yi, da sau nawa a mako. Abin da ke wuyansa shi kansa, ba abin da ƙungiya ta yi ba. Da mutum biyu da za su shaida, waɗanda ba danginsa ba. Kuma a ƙirga da gaskiya. Bilal safiya uku yake yi a mako. Wannan ba shekara biyar ba ce, ko rabinta da ƙyar. In ya kai biyu ya kai, in bai kai ba shi ke nan."

Ya buga biro a tebur. "Kawo mini shaidun. Ni zan kira su, ba ke ba. Amma layin yana nan. Wannan labari na uban da ba ya yabon ɗansa, Madmazel, ban saya ba."

"Ban sayar ba, Patron. Kyauta na ba ka."

Ya kusa yin dariya, sai ya kore ta da hannu.

Kafin azahar ta fitar da takardun mutum tara da ta cire, ta aika wa kowa saƙo iri ɗaya, kalma a kan kalma. Ta yi sallah a ɗan lungun da ke bayan ɗakin sanyi, ta sayi garba, abincin garin rogo da soyayyen kifi, a bakin titi, ta yi wa mai sayarwa tsiya cewa kifinsa kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Ya ce idonta ne ke ƙara girma. Sannan ta nemi izini ta koma Adjamé.

Ta samu Alhaji Nomau bayan la'asar a rumfarsa, zaune tsakanin buhunan albasa, da carbi a hannu. Mutumin Tawa ne, ya fi shekara arba'in a Abidjan, amma harshensa bai bar gida ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ɗiyar Malam! Ina Malam? Har yau yana ƙirga abin da babu?"

"Yana gaishe ka, Baba Alhaji. Jiya wani ya kira ka daga wurin aikinmu."

"Awo. Wani mai Faransanci kamar rediyo."

"A kan Bilal."

Tsohon ya kawar da kai, ya dubi buhu. "Wannan yaron."

"Baba, abin da ka faɗa ya sa sun ɗauka ƙarya ya rubuta."

Carbin ya tsaya. "Ƙarya? Wa ya ce ƙarya? Ni na ce ƙarya?"

"Ka ce yana zuwa cikin yara."

"To ba ya zuwa?"

"Shi ke jagorantarsu?"

"Ke ɗiyar Malam, mi kike so in ce? In buɗe baki gaban baƙo in ce ɗana kaza ne, ɗana kaza ne? In zama maroƙin gidana? Kuma abin da aka yi don Allah, yanzu a kai shi buro a buga mai hatimi? Gobe kiyama in an tambaye shi, ya ce na karɓi ladata a Treichville?"

"Baba, ba lada za su biya shi ba. So suke su san ko ya iya."

"Su zo su gani mana. Kasuwa ba ta da ƙofa."

Jidda ta gane ba zai motsa ba, ba ta kuma ga laifinsa ba. Da ma shaidar uba ba za ta wadatar ba, ko da ya yaba. "To wa ya san aikin, wanda ba namu ba?"

Nan fa tsohon ya saki jiki, tun da ba shi zai yi yabon ba. "Tafi wurin Maman Odette, mai tumatir, cikin Guro. Da Ladji Koné na tasha, shugaban masu ɗaukar kaya. Su ba su da kunya, za su gaya miki."

Kasuwar Guro ta fara lafawa a wannan lokaci, manyan motocin da suka sauke kaya da safe sun tafi, an bar ganye da ruwan tumatir a ƙasa. Maman Odette babbar mace ce mai ɗaurin zani biyu, tana zaune kan kwandon da aka kife. Da ta ji sunan Bilal sai ta tafa hannu.

"Ɗan Hausana? Me ya yi? Aure zai yi?"

"Aiki yake nema, Maman. Shugabana zai kira ki. Abin da kika sani kawai za ki faɗa, ko mai daɗi ko marar daɗi."

"Marar daɗi akwai. Yana da taurin kai. Na ba shi kwando shida kyauta, ya mayar mini da biyu, wai sun wuce ci. Kyauta fa! Na ce kai, wa ya aiko ka? Ya ce mutum zai ci, ba akuya ba." Ta yi dariya har zaninta yana rawa. "Talata, Alhamis, Asabar. Tun jikata tana goye, yanzu tana makaranta. Masu amalanke goma sha wani abu, ba ya biyansu ko dala, kuma suna zuwa. Ni da nake biyan nawa sai na bi su da zagi. Wanda ya makara sau biyu, ya ce masa ya huta, ya sa wani. Ganye shi yake fara fitarwa, doya ta jira. Ba shugaban naki lambata. In bai ji Faransancina ba ya zo da kansa."

Jidda ba ta samu Ladji Koné a tasha ba, ya tafi jana'iza, amma yaransa sun ba ta lambarsa. A tsaye a gefen wata motar Yamai da ake lodi, ta aika wa Misiye Kouamé sunaye biyu da lambobi biyu, ba ta ƙara ko kalma ba. Bilal kansa ba ta neme shi ba, don kada a ce ta shirya shi.

Ta iso gida ana kiran magariba, takalmanta duk ruwan tumatir. Wajen cin tuwo ta ba da labarin duka, tana kwaikwayon muryar Alhaji Nomau, har ƙanwarta Yasmin ta ƙware.

Sai Jidda ta dubi mahaifinta. "Papa, kai fa? In an kira ka a kaina, me za ka ce?"

"In ce ban san ki ba."

"Ka gani ko! Ku ne matsalar ƙasar nan."

"Wace ƙasar? Muna da biyu."

Ta wanke kwanuka, ta ce kanta yana ɗan sara mata, rana ce ta doke ta a kasuwa. Ta yi isha'i ta kwanta.

Ranar Juma'a ta tashi da zazzaɓi mai zafi. Kafin la'asar ba ta gane mutane. Aka kai ta asibiti, likitoci suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau ƙwaƙwalwa, suka yi abin da za su iya. Allah ya karɓi ranta ranar Lahadi da hantsi, aka yi mata sutura bayan la'asar.

Ranar Litinin ba a kira kowa ganawa ba. Misiye Kouamé ya rufe ofis ya zo gaisuwa da ma'aikata biyu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an kafa rumfa. Aka ba shi kujera, ya ƙi, ya cire takalma ya zauna a ƙasa kusa da Malam Abdulwahid, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Yako, Papa. Yako," in ji shi, kamar yadda ake gaisuwar mutuwa a Abidjan. Sai ya ci gaba da Faransanci. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai ga mai gaskiyar Jidda ba. Ya ce ita kaɗai ke iya shigowa ofishinsa ta ce masa ya yi kuskure, kuma ya gode mata daga baya. Ya ce da ta rayu, kujerarsa za ta hau.

Malam Abdulwahid ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan tabarma. Sannan ya amsa da Faransanci mai tsabta, irin na malamin da ya shekara talatin a gaban allo.

"Mun gode. Yarinya ce kawai. Kun yi haƙuri da ita, kun koya mata. Abin da ta yi daidai, Allah ne. Ku yafe mata kurakuranta."

Misiye Kouamé ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ga hannun mutumin yana riƙe da gefen tabarma, ya matse shi har jijiyoyi sun fito. Ya jira ko zai ambaci sunanta. Bai ambata ba. Mutane suka shigo, aka yi addu'a, aka shafa, wasu suka tashi, wasu suka zauna. A duk tsawon zaman, "yarinyar" yake cewa.

Da Misiye Kouamé zai tafi, ya tambayi wanda ya raka shi ko Alhaji Nomau yana wurin. Aka nuna masa wani tsoho mai farin rawani a ƙarshen rumfa. Ya je ya gaishe shi, ya ce shi ne wanda ya kira a waya.

"Mai rediyo," in ji Alhaji Nomau da Hausa, ya miƙa masa hannu biyu.

"Wanne ne ɗanka a nan?"

Tsohon bai nuna da hannu ba. Ya dai karkata haɓa wajen wani dogon saurayi da ke tsaye a bakin titi, yana tsara masu kawo kujeru da ruwa, yana nuna wa wannan nan, wancan can, ba tare da ɗaga murya ba.

Misiye Kouamé bai ɗauki abin da ya gani a matsayin shaida ba, kuma Jidda ma da ba ta so ya ɗauka ba. Abin da ya yi shi ne ya koma ofis ya goge kalmar "bayanin ƙarya" da hannunsa. Washegari ya kira Ladji Koné, wanda ya tabbatar da ranakun da shekarun. Ya kira Maman Odette, bai ji rabin abin da take faɗa ba saboda hayaniya, sai ya tafi Kasuwar Guro ranar Alhamis da sassafe, da takalmansa masu sheƙi. Ta riƙe shi har hantsi, ta kuma sa shi ya sayi tumatir.

Cikin mutum taran da Jidda ta aika wa saƙo, huɗu suka amsa. Biyu ba su da abin ƙarawa. Ɗaya ya ce yana taimakawa wajen rabon abinci duk azumi, aka ƙirga, bai kai ko shekara ɗaya ba, aka ba shi haƙuri. Ta huɗun, wata Aya Konan, ashe ta shekara uku tana riƙe da ɗakin girkin makarantar cocinsu a Treichville, kullum, da mata takwas a ƙarƙashinta, ba ta rubuta ba don ta ɗauka abin coci ba ya shiga takardar neman aiki. Shaidunta suka tabbatar, aka mayar da ita cikin waɗanda za a gana da su. Na Bilal da aka auna da cikakken makon aiki, ya haura shekara biyu da kaɗan. Aka mayar da shi.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Shugaban sashen kaya ya ce an buɗe ƙofar da ba za a iya rufewa ba, gobe kowane mai share masallaci zai zo da takarda. Misiye Kouamé ya ce mai sharar ya zo mana, tambayoyin suna nan suna jiransa.

Mutum biyar aka gana da su, uku masu tsohon aikin albashi, sannan Aya da Bilal. Aka kai kowa wurin lodi, aka ba shi mota ɗaya da ma'aikata shida da kaya gauraye. A tambayar ma'aunin sanyi Bilal ya faɗi, ya sa ayaba a ɗakin da ya fi ƙarfinta, don bai taɓa aiki da ɗakin sanyi ba, kuma ya faɗi hakan da bakinsa. A wurin lodi kuwa ba wanda ya kama ƙafarsa. Masu ganawar suka daɗe suna gardamar wanda za a ɗauka tsakaninsa da wani da ya shekara huɗu a wani kamfani. A ƙarshe aka ɗauki Bilal da sharaɗin lokacin gwaji, da kuma ya zauna da mai kula da ɗakunan sanyi ya koya. An tabbatar da shi bayan gwajin. Aya ba ta samu ba a wannan karo, amma an ajiye takardunta. Tun daga lokacin tallar kamfanin takan ce gogewa ta albashi ko ta sa kai, muddin ana iya tabbatar da ita.

Aikin kasuwa bai tsaya ba. Bilal ya miƙa Talata da Alhamis ga wani cikin masu amalanke, ya riƙe Asabar, ranar hutunsa. Da aka kai wa Alhaji Nomau labarin an ɗauki ɗansa, ya ja carbi ya ce, "To. Sun rasa mutane ke nan." A ranar ya aika da buhun albasa gidan Malam Abdulwahid, ba tare da saƙo ba.

Bayan sadakar arba'in Zalihatu da Yasmin suka buɗe ɗakin. Kwamfuta da katin shiga ofis na kamfani ne, aka mayar. Atamfofi da lesuna aka raba wa 'yan uwa, waɗanda ba a ɗinka ba aka aika wa gwaggonta a Maraɗi. Rigunan aiki Yasmin ta ɗauka, sai da aka rage musu tsawo. Takalma ba wanda suka yi wa, ƙafarta babba ce, aka kai wa matan da ke girki a tasha su nemi mai so. Littattafan jami'a aka ba wata yarinyar maƙwabta da ta shiga fannin. Abin da ya rage na haƙƙinta aka raba yadda shari'a ta ce. A aljihun wata jaka aka samu ɗan kunne guda, ba a ga ɗayan ba, Zalihatu ta ƙulle shi a bakin zaninta. Malam Abdulwahid bai shiga ɗakin ba. Da aka tambaye shi ko yana son wani abu, ya ce a bar masa kujerar da take karatu a kai. Tana nan a zaure, baƙi suna zama.